Farashin sammako: me mutum yake saya idan ya biya kuɗin tikiti tun ranar taro ba ta zo ba?

Rangwamen da ake yi wa wanda ya riga kowa sayen tikiti, alheri ne daga mai shirya taro, ko kuwa dabara ce ta raba mutane da kuɗinsu da wuri? Wannan tambaya takan taso a Kaduna duk lokacin da Sallah ta matso, ko ƙarshen shekara ya ƙarato, ko aka fara shirin baje koli. Wayoyi sukan cika da hotunan talla: ga fuskar mawaƙi, ga sunan ɗakin taro, ga farashi hawa uku a jere, na farkon an rubuta masa Early Bird. Bayan kwana biyu sai a fara aiko da tuni: saura kwana biyar, saura kwana uku, yau ce rana ta ƙarshe.

Kwanaki ƙanwata ta turo mini irin wannan hoton daga Unguwar Rimi, ta ce: "Yaya, don Allah duba mini. Sun ce gobe farashin zai tashi daga dubu biyar zuwa dubu takwas. In tura kuɗin ne, ko wayo ne kawai?" Na lura mutane sun rabu biyu a kan wannan. Wasu da zarar sun ga rangwame sai su tura kuɗi ba tambaya. Wasu kuma sun yanke cewa duk ƙarya ce, sai su jira ranar su biya ninki biyu a ƙofa. Duka biyun ba su kalli abin da ake ciniki a kansa ba. A ganina, wanda ya sayi tikitin wuri rance ya ba mai shirya taro, kuma rangwamen shi ne ladan kasadar da ya ɗauka. Idan aka riƙe wannan, sauran maganar takan warware.

Ma'anar kalmomin da ke jikin tallan

Early Bird sunan da ake sa wa rukunin farko na tikiti ne, mafi sauƙin kuɗi, wanda ake sayarwa makonni kafin taro. Ni dai nakan kira shi farashin sammako. Regular shi ne farashin da aka gina lissafin taron a kansa. Sai kuɗin ƙofa, wanda ya fi duka tsada a kan kujera iri ɗaya. VIP da tebur wani abu ne daban, domin wurin zaman ne ya bambanta. Amma tsakanin sammako da Regular da ƙofa, yawanci kujerar ɗaya ce, lokacin biya ne kawai ya raba su.

Akwai wani bambanci da mutane ba su cika lura da shi ba. Farashin sammako iri biyu ne. Wani da rana ake rufe shi: a ce zai ƙare ranar kaza da ƙarfe goma sha biyun dare. Wani kuma da adadi ake rufe shi: a ce mutum 200 na farko. Na farkon kowa na iya tabbatar da shi da kalanda. Na biyun mai shirya taro ne kaɗai ya san inda ƙidayar ta kai. Wasu sukan haɗa biyun, duk wanda ya riga cika shi ke nan. Tallan da bai faɗi rana ba, bai kuma faɗi adadi ba, sai dai "na ɗan lokaci ne", bai ɗaure kansa da komai ba.

Dalilin da mai shirya taro yake rage kuɗi

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce wani matashi zai shirya wasan mawaƙa a wani ɗakin taro mai cin mutum 1,000 a cikin garin Kaduna. Hayar ɗaki naira miliyan ɗaya da rabi. Mawaƙa da mai gabatarwa miliyan uku. Kayan sauti da fitilu da janareta da man dizal miliyan ɗaya da dubu 200. Masu tsaro da masu duba tikiti dubu 500. Talla dubu 400, sauran tarkace dubu 400. Jimilla naira miliyan bakwai.

Matsalarsa a lokaci take. Mai ɗakin taro ba zai ajiye masa rana ba sai ya ga kafin alƙalami. Mawaƙi ba zai yi bidiyo ya ce "ina nan tafe Kaduna" ba sai ya karɓi wani kaso. Mai buga fosta da gidan rediyo kuwa kuɗi hannu suke aiki. Idan rabin kuɗin ɗaki da rabin na mawaƙa da duka na talla za a biya tun farko, yana buƙatar naira miliyan biyu da dubu 650 wata guda ko fiye kafin kowa ya taka ƙofar ɗakin. Alhali yawancin 'yan kallo sai a makon ƙarshe suke motsi.

Sai ya raba kujerunsa haka. Kujera 200 a farashin sammako, dubu biyar-biyar, miliyan ɗaya ke nan. Kujera 600 a dubu takwas-takwas, miliyan huɗu da dubu 800. Kujera 100 a ƙofa, dubu goma-goma, miliyan ɗaya. Tebur goma masu cin mutum goma-goma, kowanne dubu 200, miliyan biyu. Idan ɗaki ya cika maƙil ya tara miliyan takwas da dubu 800, ribarsa miliyan ɗaya da dubu 800.

Yanzu a dubi abin da sammakon ya ci masa. Kowace kujera ya sarayar da dubu uku, sau 200, naira dubu 600 ke nan. Wato ya haƙura da dubu 600 don ya karɓi miliyan ɗaya makonni shida da wuri. Wannan rance ne mai tsada ƙwarai. Kamar manomin da ya karɓi kuɗin hatsi tun damina a farashi ƙasa-ƙasa saboda yana buƙatar taki a lokacin. Ɗan kasuwar da ya ba shi kuɗin ya samu sauƙi, amma ya shiga kasadar daminar tare da shi.

Me ya sa mai taro zai yarda da rance mai tsada haka? Saboda ba kuɗi kaɗai yake samu ba. Yana samun labari. Idan kujera 200 ɗin nan suka ƙare a kwana uku, ya san gari na son wasan, zai iya rage kuɗin talla ko ma ya nemi wuri mafi girma. Idan bayan mako biyu 40 kawai suka tafi, ya san akwai matsala tun yana da lokacin gyara. Sannan kowane mai sayen wuri ɗan talla ne na kyauta. Wanda ya riga ya biya ba ya son zuwa shi kaɗai, zai ja abokai biyu ko uku, waɗanda za su biya cikakken farashi. Kuma cinikin farkon nan shi ne abin da zai nuna wa kamfanin da yake nema ya ɗauki nauyin taron. Na ƙarshe, cikin mutum 200 ɗin akwai ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi waɗanda da a dubu takwas ne ba za su zo ba sam. A kansu bai yi asarar dubu uku ba, ribar dubu biyar ya ci.

Abin da ƙarin wa'adi yake nunawa

A nan ne lissafin yake da amfani ga mai saye. A ce matashin nan ya ƙi rufe farashin sammako, ya yi ta ƙara wa'adi har ya sayar da duka kujeru 900 a dubu biyar. Miliyan huɗu da rabi ke nan. A haɗa da miliyan biyu na tebura, miliyan shida da rabi. Ɗaki ya cika, amma ya faɗi da naira dubu 500. Saboda haka mai taro na gaskiya, wanda ciniki ke tafiya masa daidai, ba shi da dalilin ƙara wa'adi. Aljihunsa ne da kansa zai tilasta masa rufewa.

To idan ka ga an rubuta "saboda roƙon jama'a mun ƙara mako guda", me ya faru? Ƙari sau ɗaya, na kwana biyu ko uku, musamman idan ya faɗa daidai lokacin biyan albashi, ba abin zargi ba ne. A gari irin Kaduna mai ma'aikatan gwamnati da yawa, wa'adin da ya ƙare ranar 22 ga wata kuskuren tsari ne, gyara shi hankali ne. Amma ƙari na biyu da na uku yana nuna ɗaya daga abu biyu. Ko dai tikitin ba ya tafiya, wanda ke nufin taron da kansa yana cikin haɗarin ɗagewa. Ko kuma dubu biyar ɗin nan dama shi ne ainihin farashin, dubu takwas an rubuta shi ne don biyar ɗin ta yi kama da araha. A hali na farko bai kamata ka yi gaggawar tura kuɗi ba. A hali na biyu kuwa babu ma gaggawar, domin farashin ba inda za shi.

Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai saboda masu gaskiya take cutarwa. Wanda ya matse aljihunsa ya biya a ranar da aka ce ita ce ta ƙarshe, sannan ya ga maƙwabcinsa ya saya a farashi ɗaya bayan mako uku, ya koyi darasi. Baɗi ba zai yi sammako ba, ko da mai taron na baɗi mutumin kirki ne.

Lissafin mai saye

Ga hanyar da na bi da ƙanwata. Idan ta saya yau, dubu biyar ta fita, ko ta je ko ba ta je ba. Idan ta jira, za ta biya dubu takwas, amma sai in har za ta je ɗin. Sai na tambaye ta: a irin wannan taro guda takwas da kika yi niyyar zuwa tun saura wata guda, nawa kike samun halarta? Idan biyar ne, hanyoyin biyu sun yi kunnen doki: takwas sau dubu biyar dubu arba'in ne, biyar sau dubu takwas ma dubu arba'in ne. Idan tana zuwa shida ko bakwai, sammako ya fi mata. Idan huɗu ne, jira ya fi, duk da tsadarsa a ido.

Girman rangwamen yana canja amsar sosai. Da a ce sammakon dubu bakwai ne maimakon biyar, sai ta zama mai halartar bakwai cikin takwas kafin ta ma yi canjaras. Rangwamen dubu ɗaya bai kai ladan ɗaure kuɗi makonni shida ba ga wanda bai da tabbas.

Kuma rashin zuwa ba daga ita kaɗai yake tasowa ba. Akwai biki ko rasuwa a dangi, akwai izinin gida, akwai jarrabawa. Akwai kuma abin da ke hannun mai taro da na gari. Wasan da aka sa wa rana "washegarin Sallah" ya dogara da ganin wata, wanda sai Sarkin Musulmi ya sanar ake tabbatarwa. Kwana ɗaya kan iya gocewa, kuma mai ɗakin taro yana iya ba wani wannan ranar. Tallan kirki yakan rubuta kwanan wata ɗaya tak, ko ya faɗi abin da zai faru idan Sallah ta goce. Wasan fili, a wuri irin Dandalin Murtala, idan ya faɗa tsakiyar damina, Yuli zuwa Satumba, ruwan sama abokin lissafi ne. Ba mu manta da 2020 ba, lokacin da annobar korona ta sa aka hana taruka a jihar nan tun daga watan Maris. Irin wannan ba ya faruwa kullum, amma dokar hana fita ko wani umarni na tsaro abu ne da mazauna Kaduna suka sani.

Akwai kuma ɗan ƙarin da ke fitowa a shafin biya. Kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta intanet suna cire ladansu. Paystack, alal misali, ya daɗe yana cajin kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a cinikin cikin gida, wato naira 175 a kan tikitin dubu biyar. Shafin sayar da tikitin shi ma yakan ɗora nasa. Wani mai taro yakan shanye wannan, wani yakan ɗora wa mai saye. Ba cuta ba ce, amma farashin da za a kwatanta shi ne wanda ya fito a ƙarshe, kafin a danna biya.

Baje koli: tikitin shiga daban, rumfa daban

A nan mutane sukan cakuɗa abu biyu. Kasuwar baje koli ta ƙasa da ƙasa ta Kaduna, wadda ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu KADCCIMA ke shiryawa a filinta na Rigachikun kan hanyar Zariya, ta haura shekara arba'in ana yin ta, yawanci a farkon shekara, kusan kwana goma. Ban da ita, akwai ƙananan baje koli na ƙarshen mako da ake yi a ɗakunan taro da filaye, inda mata masu turare da atamfa da kayan ƙwalama suke kama rumfa. A duk irin waɗannan, kuɗin shiga na ɗan kallo ba shi ne babban ciniki ba. Wani wurin ma kyauta ake shiga, domin mai shiryawa cunkoso yake so. Farashin sammako mai nauyi a kan rumfa yake.

Ita mai rumfa lissafinta ya bambanta da na ɗan kallo. A ce wata mai turaren wuta ta ga talla: rumfa dubu 60 kafin ƙarshen wata, dubu 80 bayan nan. A ce ribarta a kowace kwalba naira 1,500 ce. A farashin sammako sai ta sayar da kwalba 40 kafin ta fanshi rumfar. A cikakken farashi sai 54. Ba a sa kuɗin mota da abinci da ladan yarinyar da za ta taya ta tsayuwa ba. Bambancin kwalba 14 ba ƙarami ba ne a kwana biyu. Amma dubu 60 ɗin nan jarinta ne. Idan ta ɗaure shi wata biyu, ta rage kayan haɗi da za ta saya, ta rage juyin da kuɗin zai yi. Ɗan kallo nishaɗi yake saya da rarar kuɗi, ita kuwa daga cikin uwar kuɗi take yanka.

Abin da ya fi rangwamen daraja a baje koli shi ne wuri. Rumfar da ke kusa da ƙofa, ko a kusurwar da layi biyu suka haɗu, ba ɗaya take da wadda ke can ƙurya kusa da janareta ba. Idan biyan wuri yana ba ta damar zaɓen lambar rumfa a kan taswirar filin, to sammakon ya biya kuɗinsa ko da rangwamen kaɗan ne. Idan kuwa aka ce "za a raba wuri ranar", to rangwamen kaɗai ta saya. Ta tambayi girman rumfar da mita, domin a manyan baje koli da murabba'in mita ake awo, kuma mita uku a tsaye uku a kwance shi ne awon da aka fi sani. Ta tambaya ko akwai tebur da kujera da wuta a cikin kuɗin, da kuma masu turare nawa aka riga aka karɓa. Mai shiryawar da ya cika fili da masu kaya iri ɗaya ya karɓi kuɗinsa, su kuma sai su karya wa juna farashi.

Me ya sa tunin yake da yawa haka?

Mutane na ƙorafin cewa an dame su. Gaskiyarsu, amma ba duk tuni ne matsin lamba ba. Abin da aka sa a Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace. A sauran kafafen ma, ba duk mai bibiyar shafi ne yake ganin kowane saƙo ba. Tallan da kai ka gani sau bakwai, wani sau ɗaya ya gani. Ga kuma halinmu na "bari sai gobe". Mutum ya yi niyya da gaske, amma ba ya motsi sai an ce masa yau ne. Shi ya sa ciniki yakan yi tsalle a ranar buɗewa, ya kwanta a tsakiya, ya sake tashi a ranar rufe kowane farashi. Hawa ukun nan na farashi suna ba mai taro ranakun rufewa uku maimakon ɗaya.

Yadda ake gane tuni mai gaskiya shi ne a jera saƙonnin a duba ko suna tafiya tare. Idan ranar Litinin an ce saura tikiti 60, Laraba a ce 35, Juma'a a ce ya ƙare, kuma ranar Asabar shafin ya nuna Sold out a kan wannan rukuni, maganar ta tsaya da ƙafarta. Idan kuwa tun makon jiya "saura kaɗan" ake cewa ba adadi, ko "saura 20" ta ƙi raguwa, ko agogon ƙidayar da ke shafin ya kai sifili ya sake farawa, to tsoro ake son sa maka. Tuni na ƙwarai yakan zo da sabon bayani: an tabbatar da wurin, ga lokacin buɗe ƙofa, ga inda za a ajiye mota. Wanda ba shi da komai sai "yi sauri" yana nuna mai shi ba shi da wani abin faɗa.

Inda 'yan damfara suke shiga

Gaggawar da farashin sammako ke haifarwa ita ce ƙofar mazambata. Hanya mafi sauƙi a wurinsu ita ce su ɗauki hoton talla na gaskiya, su goge lambar asusu ko lambar waya su sa tasu, su watsa a zaurukan WhatsApp. Taron gaskiya ne, mawaƙin gaskiya ne, kuɗin ne kawai ya tafi wani wuri. Wanda ya turo maka ma bai sani ba, ɗan'uwanka ne da ya yi nufin alheri.

Maganin wannan ba wuya. Kada a ɗauki lambar asusu daga hoton da aka turo. A je shafin mai shirya taron ko na mawaƙin kai tsaye a kwatanta. Idan saura 'yan makonni mawaƙi bai ambaci Kaduna a shafinsa ba ko sau ɗaya, a dakata. Ɗakin taro kuwa a cikin gari yake, ana iya kiran ofishinsu ko a biya ta can a tambaya ko an kama ranar. Kafin a tura kuɗi, manhajar banki takan nuna sunan mai asusun, a karanta shi. Asusu mai sunan mutum ba lallai damfara ba ce, domin ƙananan masu shirya taro da yawa da nasu suke aiki, amma sunan ya zama wanda mai taron ya sanar da bakinsa. Idan sunan kamfani ne, ana iya neman sa a shafin hukumar rajistar kamfanoni CAC.

Sai tikitin hannu na biyu. Wasu sukan sayi na sammako da yawa su sayar idan farashi ya tashi. Tikitin zamani hoto ne mai alamar QR, kuma hoto ana iya tura shi wa mutum goma. Na'urar ƙofa sau ɗaya take karɓar kowace alama. Wanda ya riga isa ya shiga, sauran tara su tsaya a waje da tikiti a hannu. Saboda wannan dalilin ne bai kamata mai murnar sayen tikiti ya sa hotonsa a Status da alamar a buɗe ba.

Masu cewa tsarin bai yi adalci ba

Akwai ƙorafin da na ɗauka da muhimmanci. Mai kuɗi a ajiye shi ne ke iya biya tun saura wata biyu, sai ya samu sauƙi. Ɗan acaba ko mai ɗinki da ke samun na yau ya ci yau ba ya iya ɗaure dubu biyar, sai ranar ya biya dubu goma a ƙofa. Wato mai ƙaramin ƙarfi ya fi biya. Masu shirya taro kuma za su ce mai sayen ƙofa bai ɗauki kasadar komai ba: ya ga an kafa kaya, ya ji sauti na tashi, sannan ya ciro kuɗi. Ba cinikin biri a sama ya yi ba, don haka ya biya kuɗin tabbas. Su kuma ga wahalar canji da layi da jiran shigar kuɗi a bakin ƙofa, abin da duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san zafinsa. Ina ganin hujjar masu taro ta fi ƙarfi a kan tazarar sammako da Regular. Amma ninka farashi a ƙofa ya yi yawa a garin da akasarin mutane ba su da rara. A ɓangaren rumfa, barin mai kaya ta biya rabi a farashin sammako ta cika sauran daga baya yana rage wannan gibin, kuma mai shiryawa ya samu tabbacin da yake nema.

Idan aka ɗage ko aka soke

Tunda rance ne, tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce yadda za a dawo da shi, kuma ita ce tallan ba ya amsawa. Sokewa da ɗagewa ba ɗaya ba ne. Idan an soke, an karɓi kuɗi ba a yi aikin ba, mayarwa ta zama dole. Masu taro sun fi son kalmar "an ɗage", domin sai su ce tikitinka yana nan daram har sabuwar rana, alhali kuɗin sammakon ya riga ya tafi wurin mai ɗaki da mawaƙa. Shi ya sa mayar da kuɗi yake jan ƙafa ko a hannun mai gaskiya.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye a sashe na 120 damar janye abin da ya yi ajiyarsa tun da wuri, sai dai mai sayarwa na iya cire wani caji daidai gwargwado. Don haka rubuta "ba a mayar da kuɗi" a ƙasan fosta bai rufe maganar ba. Sai dai bin kadin dubu biyar yana da wahala ga mutum ɗaya, ya fi tasiri idan waɗanda abin ya shafa suka haɗu suka kai koke tare.

Abin da na sa ƙanwata ta yi kafin ta biya shi ne ta rubuta wa masu taron tambaya ɗaya a WhatsApp: idan aka ɗage zuwa ranar da ba zan samu zuwa ba, za a dawo mini da kuɗina, kuma cikin kwana nawa? Na ce ta adana amsar tare da hoton tallan mai ɗauke da rana da wuri da sunan mawaƙi, da rasit ɗin banki mai lambar ciniki, domin ana iya goge saƙon talla bayan an canja magana. Idan kuwa ya bayyana asusun bogi aka tura wa, banki ake fara sanarwa a ranar, da wannan lambar cinikin, tun kuɗin bai bar asusun da ya shiga ba.